Moto Mai Shan Mai: Yadda Lita Ɗaya Za Ta Ƙara Yi Maku Nisa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Tarka da sauran Damargu, yau moto ta shiga kusan kowane gari da kowace ruga. Da ita ake zuwa kasuwar Belbeji, da ita ake kai maras lafiya gidan likita, da ita ake bin sawun garke a nemo labarin rijiya da ciyawa. Jaki yana kiwo da kansa, amma moto sai an saya mata abincinta da kuɗi. To, yawancin masu moto sun san kuɗin da suke biya a lita, amma ba su san nisan da litar take kai su ba. A nan ne asara take ɓuya.

Matatar mai ta SORAZ tana kan hanyar Zinder zuwa Tanut, ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011. Duk da haka mai bai zama ruwan rijiya ba. A watan Mayu na 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai, sai man da ake shigowa da shi daga can ya yi tsada. A watan Yuli na 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita a gidan mai daga sefa 540 zuwa sefa 499, wato kusan dala 100. A watan Maris na 2025 kuma aka yi ƙarancin mai a ƙasa, mutane suka sha layi. Wanda yake ƙauye, nesa da gidan mai, a kwalba yake saye, kuma yakan biya fiye da na birni. Farashi ba a hannunmu yake ba. Abin da yake hannunmu shi ne yadda moto take shan man.

Ku fara da awo

Mai gero ba ya sayarwa sai da tiya. Haka mai moto bai kamata ya ce motarsa tana shan mai ko ba ta sha ba, sai ya auna. Ga hanya mai sauƙi.

A ƙarƙashin tanki akwai ɗan famfon mai. Yana da wuri uku: buɗe, rufe, da ajiya, inda aka rubuta RES. Ku bar shi a buɗe, ku yi ta tafiya har moto ta fara sheshsheka tana neman ajiya. Nan take ku tsaya. Ku zuba lita 3 cif, da kwalbar da kuka tabbata lita ce. Ku duba agogon kilomita, ku rubuta lambar a takarda. Ku ci gaba da harkokinku, famfo yana buɗe, kada ku ƙara mai. Ranar da ta sake neman ajiya, ku sake rubuta lambar agogo. Ku ɗebe ta fari daga ta biyu, abin da ya rage ku raba shi gida 3. Amsar ita ce kilomitan da lita ɗaya take kai ku.

In agogon ya mutu, kamar yadda yake a motoci da yawa, ku yi awo da hanyar da kuka saba bi. Ku ƙirga sau nawa lita 3 take kai ku kasuwa ta dawo da ku gida. Abin kula shi ne hanya ta zama ɗaya, kaya su zama kusan ɗaya, in za a gwada awon yau da na gobe. Awon rairayi dabam, awon kwalta dabam.

Ƙaramar moto irin ta 125, in tana da lafiya, tana iya yin kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya a hanya mai ƙarfi. A cikin rairayi mai zurfi ba za ta kai haka ba. Amma in kun ga lambarku tana sauka wata bayan wata a kan hanya ɗaya, to akwai inda mai yake zurarewa. Wurare huɗu za a duba, kuma gara a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya: hancin moto

Inji ba mai kaɗai yake ci ba. Yana haɗa mai da iska, sannan ya ƙone su. Kafin lita ɗaya ta ƙone sarai, sai inji ya shaƙi iska kusan lita 9,000. Wannan ya kai cikin duro 45, irin duron nan mai lita 200. Duk iskar nan ta cikin matata guda take bi, wadda makanikai suke kira filta. Tana cikin ɗan akwati a gefen moto, ƙasan wurin zama.

Ku tuna irin iskar Damargu. Da hunturu ƙura ce, da bazara guguwa ce, ranar kasuwa kuma ƙurar dabbobi ce da ta motoci. Ƙurar nan tana taruwa a filta har ta toshe ta. In ta toshe, iska ta ragu, sai inji ya riƙa zuƙo mai fiye da kima. Man da bai sami iska ba ba ya ƙonewa duka. Yana fita ta salansa, ya zama baƙin hayaƙi. Kuɗinku ne yake tashi sama.

Alamomin su ne: baƙin hayaƙi, warin ɗanyen mai a bayan moto, da nauyin jiki, a murɗa totur ta ƙi tashi da sauri.

Filta iri biyu ce. Akwai ta soso, akwai ta takarda mai naɗe-naɗe. Ta soso ana wanke ta. A cire ta, a wanke da kananzir ko da ruwa da sabulu, a matse ta a tafin hannu. Kada a murɗe ta kamar wanki, za ta yage. A bar ta a inuwa ta bushe sarai. Sannan a zuba mata man inji mai tsabta kamar cokali ɗaya ko biyu, a mulmula ya ratsa ko'ina, a matse rarar. Wannan ɗan maiƙo shi ne yake kama ƙura. In an cika shi da yawa, shi ma yana toshe iska.

Ta takarda ba a wanke ta, ba a sa mata mai. A ɗan bubbuga ta a hankali ƙura ta zuba. In ta yi baƙi, ko ta jiƙe da mai, ko ta huje, sai sabuwa. A lokacin hunturu, mai hawa kullum ya duba filta kowane mako biyu. Da damina ana iya jinkirtawa.

Wasu in filta ta toshe sai su cire ta su yar, don sun ga moto ta ƙara gudu. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Rairayi zai shiga cikin inji kai tsaye, ya riƙa goge fistin da zobbansa kamar yadda dutsen niƙa yake cin hatsi. Ba a daɗe ba moto za ta fara farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan man inji, ƙarfinta ya tafi. Kuɗin buɗe inji ya ninka kuɗin filta sau da yawa.

Na biyu: buji da karbirato

Buji, wanda wasu suke kira fulogi, shi ne yake ba da tartsatsin da ke kunna mai. Shi ne kuma yake ba da labarin abin da yake faruwa a cikin inji. Bayan tafiya mai ɗan nisa, ku bar inji ya huce, ku kwance buji ku dubi bakinsa.

In launinsa kamar na ƙasa ne, ja-ja mai haske, to mai da iska sun daidaita. In baƙi ne a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In baƙi ne a jiƙe da maiƙo, man inji ne yake hawa sama, wannan kuma aikin makaniki ne. In fari ne fat kamar toka, mai ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima. Ku goge buji da ɗan buroshin waya. Tazarar bakinsa, a yawancin ƙananan motoci, tsakanin milimita 0.6 ne da 0.7, wato bai kai milimita ɗaya ba. In bakin ya cinye ya yi faɗi, a sayi sabo mai lamba iri ɗaya da tsohon.

Karbirato, ko kafireta, shi ne yake auna mai ya haɗa shi da iska. Abu uku mai moto zai iya dubawa da kansa.

Na fari shi ne shok, ɗan maɓallin da ake ja da safe lokacin ɗari don moto ta tashi. Aikinsa rage iska ne da gangan. Da zarar inji ya ɗumama, bayan minti ɗaya ko biyu, a mayar da shi. Wanda ya manta ya tafi da shok a jaye, daidai yake da mai toshashshiyar filta.

Na biyu shi ne yoyo. A ƙasan karbirato akwai ɗan siririn tiyo. In kun ajiye moto kun ga mai yana ɗiga daga nan, ko ƙasa ta jiƙe, to allurar da ke tsayar da mai ba ta rufewa. Sau da yawa ƙwayar rairayi ce ta maƙale mata. Ɗigo-ɗigo dare guda ba ƙaramin mai ba ne. Ku saba da rufe famfon mai duk lokacin da kuka ajiye moto, sannan a kai ta a wanke karbirato. Don kada abin ya dawo, ku riƙa tace man kwalba da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Na uku shi ne kukan inji a tsaye. In moto tana tsaye tana ihu ba a taɓa totur ba, an ɗaga ta da yawa. Akwai ƙusa a gefen karbirato da ake sassautawa har kukan ya dawo a hankali, ba tare da inji ya mutu ba. Ana yin wannan bayan inji ya yi zafi.

Ga gargaɗi. Wasu sukan ce wa makaniki ya ɗaure masu mai sosai don a yi tattali. In aka wuce kima, buji zai yi fari, salansa ta riƙa harbi in an saki totur, inji ya riƙa zafi. A watan Afrilu da Mayu, cikin rairayi, da kaya a baya, irin wannan inji yana iya ƙone bawul ko ya kame tsaye a daji. Abin da ake nema daidaito ne. Kuma kada a taɓa karbirato sai an fara wanke filta. In aka daidaita shi a kan filta mai datti, ranar da aka wanke ta aikin ya ɓaci. In kun je wurin makaniki, ku ce ya duba tazarar bawul kuma, inji yana sanyi, da ma'auninsa na ƙarfe, ba da ido ba.

Na uku: taya, sarƙa da birki

Wanda ya taɓa tura amalanke mai saɓaɓɓiyar taya ya san wahalar. Haka inji yake ji. Taya maras iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, tana zafi, tana cinye ƙarfin da aka saya da mai. A yawancin ƙananan motoci, tayar gaba tana son iska kilo 1.75, ta baya kilo 2. In za a ɗauki mutum ko buhu, ta baya ta kai kilo 2.25. Sau da yawa an rubuta adadin a jikin moto, kusa da sarƙa. Ku sa mai faci ya auna da ma'auni, da safe, taya tana sanyi. Matsawa da yatsa ba awo ba ne. A ƙasarmu ta ƙaya, ƙayar aduwa tana iya huda taya iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan ba a sani ba. Saboda haka a auna kowane mako.

Amma rairayi yana da nasa hukunci. Taya mai tauri tana nutsewa a rairayi mai zurfi, tana haƙa rami, mai yana ƙonewa moto ba ta gaba. Rage iska kaɗan yana sa taya ta baje ta hau bisa. Masu bin jigawa sun san wannan, kuma gaskiya ne. Sai dai abu biyu. In aka rage da yawa, taya tana zamewa a kan ƙarfenta ta fizge bakin tib. Kuma in aka fito hanyar burji ko kwaltar Zinder zuwa Agadas, wajibi ne a mayar da iskar. Ƙaramin famfon hannu a ɗaure a moto yana biyan kuɗinsa.

Sarƙa ita ce take kai ƙarfin inji ga tayar baya. Ku taɓa tsakiyarta ta ƙasa da yatsa. Ya kamata ta yi motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3, wato faɗin yatsu biyu. In ta ɗaure tamau tana riƙe moto, in ta saki tana cin haƙora. Kada a lafta mata mai da yawa, don rairayi yana mannewa ya zama kamar wasa wuƙa. A wanke da kananzir, a sa man inji kaɗan, a goge rarar. Kada kuma a cire murfinta.

Birki yakan kama ba a sani ba. Ku ɗora moto a kan ƙafarta ta tsakiya, ku juya taya da hannu. In ta juya sau da yawa kafin ta tsaya, lafiya. In ta tsaya nan da nan, ko kuna jin gurzawa, a sassauta birki. Wata alama: bayan tafiyar da ba ku taka birki sosai ba, ku kusantar da hannu ga cibiyar taya. In tana zafi, birki yana kamawa.

Na huɗu: hannun mai tuƙi

Moto ɗaya, hanya ɗaya, mutum biyu, amma shan mai ya bambanta. Bambancin yana hannun dama.

Iska tana tare mai gudu. In gudu ya ninka biyu, turin iska yana ninka huɗu. Shi ya sa a hanya mai kyau, tafiya tsakanin kilomita 50 da 60 a awa, a bitas na ƙarshe, wato giyar sama, ta fi tattali. A tafiyar kilomita 30, mai gudun 80 ya riga mai gudun 60 da minti bakwai da rabi kawai. Bai kai lokacin dafa shayin fari ba, amma ya biya shi da mai, ya kuma sa ransa cikin hatsari.

Ku murɗa totur a hankali, ku canja bitas da wuri, kada ku bar inji yana ihu a na biyu. Amma kada ku danne shi a bitas na sama har ya riƙa ƙwanƙwasa. A cikin rairayi, ku zaɓi na biyu ko na uku tun kafin ku shiga, ku riƙe totur wuri ɗaya. Yawan riƙe kuloci rabi da rabi yana ƙone faifansa. In ya ƙone, inji zai yi ta kuka moto ba ta gudu. Ku hango gaba: in kun ga garke ko kwazazzabo, ku saki totur tun daga nesa. Duk gudun da aka kashe da birki, mai ne aka zubar. Ku kuma ɗauke ƙafa daga kan birki in kuna tafiya.

Gaisuwarmu tana da tsawo, kuma abu ne mai kyau. In kun tsaya gaisawa a bakin rijiya, ku kashe inji. Murɗa totur kafin a kashe moto ba ya ƙara mata komi. Da safe minti ɗaya ko biyu ya isa ɗumama. Tafiyar sassafe ta fi, don inji ba ya zafi. A haɗa buƙatu a tafiya guda: cefane, niƙa, saƙo. Amma kada a kashe inji a gangara don tattali, moto tana iya ƙwacewa.

Mu yi lissafi tare

Ga misali, don ku ga yadda ake yi. A ce wani mai moto a wani ƙauyen Tarka yana yin kilomita 600 a wata. Ya zuba lita 3, agogo yana kan 18,200. Da ta nemi ajiya, agogo yana kan 18,290. Ya ɗebe, ya sami 90. Ya raba gida 3, ya sami kilomita 30 a lita.

Ya buɗe filta ya tarar ta cushe, buji baƙi ƙirin. Ya wanke filta, ya sa sabon buji, makaniki ya wanke karbirato. Ya sake awo, lita 3 ta yi kilomita 105, wato 35 a lita. Sannan ya auna taya, ya ga ta baya kilo 1 ce kawai. Ya cika ta, ya gyara sarƙa, ya sassauta birki. Awo na uku ya ba da 111, wato 37. Daga nan ya rage gudu, ya riƙa kashe inji in ya tsaya. Awo na huɗu ya ba da 120, wato 40 a lita.

Da fari, kilomita 600 tana cin lita 20. Yanzu tana cin lita 15. Ya tsira da lita 5 a wata. In lita dala 100 ce, ya tsira da dala 500, wato jika biyu da rabi. A shekara lita 60 ke nan, jika 30. Wanda yake saye a kwalba da tsada, ribarsa ta fi haka. Ku sa farashin garinku a lissafin, ku gwada shi da kuɗin buhun gero ko na dussar dabbobi a kasuwarku.

Lambobinku ba za su zama daidai da waɗannan ba. Hanya da kaya da tsufan moto duk suna sa bambanci. In kun yi duk gyaran nan lambar ba ta motsa ba, kuma moto tana hayaƙi mai shuɗi, ko ba ta da tauri in an taka kik, to inji ne ya gaji. Wannan sai an buɗe shi.

Ku sami ɗan littafi ku ajiye tare da takardun moto. Ku ja layi uku: rana, lita, lambar agogo. Wanda lissafin rabawa ya yi wa wuya, ya kai littafinsa ajin yaƙi da jahilci a yi shi a allo tare da malam. Ku yi awon fari a wannan mako, kafin ku taɓa komi a jikin moto, don ku san inda kuka tashi.